Awon farko kafin wata na huɗu: ku taya ni shirya maganar da zan yi wa mata ranar Asabar

Malama Rabi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar bayan la'asar muna da taron iyaye mata a islamiyyarmu nan Ƙofar Marusa, an ɗora mani yin magana a kan zuwa awo da wuri, kafin ciki ya shiga wata na huɗu. Minti ashirin aka ba ni. Na zauna na rubuta, sai na ga duk abin da na rubuta bai wuce "awo yana da kyau, ku riƙa zuwa" ba. Wannan kuwa kowa ta sani. Matan unguwarmu suna zuwa awo, amma sai ciki ya fito, wata shida ko bakwai, a karɓi kati don kar ranar haihuwa a yi masu faɗa. Na tabbata wata za ta tashi ta ce mani, Malama, mi aka rasa in an je a wata shida? Ba ni da amsar da za ta gamsar da ni kaina, balle ita. Masu sani ku taimaka.

Hajiya Gambo: Wa alaikumus salam. Malama ni ce zan fara yi maki tambayar. Haihuwata tara, ban taɓa zuwa awo ba sai ciki ya yi motsi, kuma Alhamdulillahi. Cikin wata biyu mi za a auna? Gudan jini ne. Ko ita mai cikin ba ta gama tabbatarwa ba. Sannan a al'adarmu ba a tallan ƙaramin ciki. Yarinya mai cikin fari ko uwarta ba ta iya faɗa wa, ki ce ta je ta zauna a benci tsakiyar matan unguwa?

Maman Halifa: Hajiya zamani ya canza. Dalilin zuwa da wuri shi ne a ba ki fansida tun farko saboda maleriya, da folik asid don kar a haifi yaro da matsalar baya. Malama ki faɗi waɗannan biyun kawai sun isa.

Sista Binta: Salamu alaikum. Yanzu na sauko daga aiki na ga maganar. Maman Halifa, kin kama gefe, amma duka biyun akwai gyara, zan dawo kansu. Bari in fara da tambayar Hajiya, don ita ce tambayar gaske.

Hajiya, gaskiyarki, a wata biyu ba ɗan muke aunawa ba. Uwar muke aunawa, kafin ciki ya canza mata jiki. Kuma abin da ya fi damuna a ciki shi ne hawan jini.

Ciki yana da wata ɗabi'a da mata da yawa ba su sani ba. Daga wajen wata na uku zuwa na biyar jijiyoyin jini suna saki, sai awon jini ya sauka ƙasa da yadda mace ta saba. Can wajen wata na bakwai ya fara komawa yadda yake. To mace mai tsohon hawan jini, wadda ba ta ma san tana da shi ba, in ta zo mani a wata biyar zan iya samun 125 bisa 80, in rubuta lafiya lau, ta tafi. Cikin ne ya rufe mani ido. Da a sati na takwas ko na goma ta zo, da na ga 145 bisa 95, da tun ranar na san wadda nake tare da ita.

A wajenmu iyakar ita ce sati 20. Jinin da ya kai 140 bisa 90 kafin sati 20, tsohon hawan jini ne, da shi ta shigo cikin. Wanda ya fara bayan sati 20, cikin ne ya kawo shi, kuma shi ne hanyar jijjiga. Wadda ta fara zuwa a wata bakwai da jini a sama, ba ni da awon baya da zan kwatanta, ban san tun yaushe abin yake cin ta ba.

Malama Rabi: Sista wannan ban taɓa ji ba wallahi. Amma in an gano da wurin, akwai abin da ake yi ne, ko sani ne kawai?

Sista Binta: Akwai, kuma shi ma yana da lokacinsa. Jijjiga galibi a wata takwas ko tara ake ganinta, amma tushenta tun watannin farko ake kafa shi, lokacin da mabiyiya ke kama bangon mahaifa tana buɗe jijiyoyin da za su ciyar da ɗa. In kamun bai yi kyau ba, daga baya ne jini zai hau, ƙafa da fuska su kumbura, ƙoda ta fara zubar da furotin a fitsari. Matan da muka san suna cikin haɗari, wato wadda ta taɓa jijjiga ko hawan jini a wani ciki, mai tsohon hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda, mai 'yan biyu, likita yana ɗora su a kan ƙaramin asfirin, miligiram 75, ƙwaya ɗaya kullum. Daga sati 12 ake farawa. An fi son a fara kafin sati 16, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara kafin sati 20, ko da zarar mace ta fara awo. Ba ya hana jijjiga gaba ɗaya, rage haɗarin yake yi. Amma wadda ta zo a wata bakwai, ginin ya riga ya bushe, amfanin da za ta samu kaɗan ne.

Don Allah Malama in za ki faɗi wannan ki haɗa da kashedi. Ba kowace mai ciki ake ba ba, kuma ba asfirin ɗin ciwon kai na kemis ba ne, wancan miligiram 300 ne. Kar mu wayi gari mata suna saye suna sha.

Anti Zulai: Sista ki yi haƙuri in katse ki. Duk wannan da kike faɗa, ku ma'aikatan ne kuke kore mu. Cikin autana ina wata biyu na shirya na je wani ƙaramin asibiti, na bi layi tun safe, da na shiga matar ta taɓa marata ta ce ba ta ji komai ba, in koma sai ya yi motsi. Ko awon jini ba ta yi mani ba. Na biya kuɗin Napep zuwa da dawowa a banza. Ban sake komawa ba sai wata shida. Yanzu in Malama ta tura mata aka koro su, bakin wa za su ƙara ji?

Maman Sadiƙ: Wallahi ni ma an yi mani haka. Kuma maigida cewa ya yi, ai ga shi su da kansu sun ce bai isa ba.

Sista Binta: Anti Zulai ba zan kare wannan ba, kuskure ne, kuma na san yana faruwa. Wasu tsohuwar koyarwa ce ta zauna masu, wasu yawan mutane ne ya sa suke rage layi da ƙananan ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awo sau takwas maimakon huɗu, na farko cikin sati 12 na farko, na biyu a sati 20, sai 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Hannu ba ya jin mahaifa ta saman mara sai wajen sati 12, saboda haka wadda ta dogara da taɓawa dole ta ce ba ta ji komai ba. Gwajin fitsari ne ke tabbatar da ƙaramin ciki, ba hannu ba.

Abin da nake ba mata shawara, in an ce ki koma, ki ce to a gwada mani fitsari, a auna mani hawan jini, a duba yawan jinina kafin in tafi. In kin taɓa jijjiga, ko ɓari a jere, ko haihuwar ɗa ba rai, ko aiki, ki faɗa da bakinki tun kafin a tambaye ki. Wannan maganar tana sa a zaunar da mace. In duk da haka an ƙi, ki nufi babban asibiti.

Anti Zulai: Ke kina da bakin faɗa Sista. Yarinya 'yar shekara sha bakwai daga ƙauyen Batagarawa ba za ta iya buɗe baki ta ce wa mai farin kaya a auna mani kaza ba.

Sista Binta: Haka ne. Wannan kam ba ni da maganinsa a hannu, sai dai a haɗa ta da babba mai baki.

Ummi: Salam. Ni tambayata, a wata ukun sikanin yana nuna mace ce ko namiji? Don in ba ya nunawa gara a bari sai wata biyar a yi gaba ɗaya, kuɗin bai zama biyu ba.

Maman Halifa: Ummi ba maganar da ake yi ba ke nan.

Sista Binta: Ƙyale ta, ta kawo ni inda nake son zuwa. Ƙanwata, a wata uku ba a dogara da shi wajen gane jinsi. Amma akwai abin da sikanin wata uku yake faɗa wanda na wata takwas ba zai taɓa iya faɗa ba, shi ne kwanakin ciki.

A watanni ukun farko duk 'ya'ya kusan girmansu ɗaya, ɗan doguwa da ɗan gajera, ɗan mai ci da ɗan mai laulayi. In aka auna tsawonsa daga kai zuwa mazauni, kuskuren lissafi ba ya wuce kwana biyar zuwa bakwai. A tsakiyar ciki kuskuren ya kai kwana goma zuwa sati biyu. A watannin ƙarshe yana kai sati uku, gaba ko baya, don a lokacin kowane ɗa ya kama nasa girman.

Ga inda abin yake ciwo. Mace ta zo mana karon farko da babban ciki, jini 160 bisa 110, kai yana sara mata. Maganin wannan ciwon na gaskiya shi ne a raba ta da cikin. Muka tambaye ta wata nawa, ta ce tana jin takwas ne ko tara. Sikanin ya ce sati 35. To 35 ɗin nan zai iya zama 38, ɗa ya ƙosa, a ciro shi hankali kwance. Zai iya zama 32, bakwaini ne wanda huhunsa bai gama nuna ba, yana buƙatar allurar da ake yi wa uwa don huhun da kuma kwalba. Sannan mai hawan jini ɗanta yakan tsumbure a ciki, sai na'ura ta ƙara rage mashi kwanaki. Likita yana tsaye zai yanke hukunci a kan rai biyu da lissafin da bai tabbata ba. Takarda ɗaya ta wata uku da ta raba wannan gardama.

Saboda haka Ummi, in kuɗin sikanin ɗaya gare ki, kar ki ajiye shi sai ƙarshe. Ƙa'ida ita ce a samu aƙalla ɗaya kafin sati 24. In kin riƙe ranar al'adarki sosai, na wata biyar ɗin zai yi maki aiki biyu, ya duba kwanaki ya duba halittar ɗa. In ba ki riƙe ba, na farkon ya fi maki.

Ummi: To ni ban ga al'ada ba tun da na haihu, yarona wata goma sha ɗaya yana shan nono. Kwana biyun nan ina jin kasala da tashin zuciya.

Hajiya Gambo: Allah sarki ɗiyata. Ki je a duba ki, ba abin kunya ba ne, da yawanmu mun yi.

Sista Binta: Ummi gobe da safe ki gwada fitsarin farko da abin gwajin ciki na kemis. In ya nuna, ke ce ainihin wadda sikanin wuri ya wajaba a kanta, don ba ki da ranar da za a ƙirga daga ita, kuma mai yiwuwa jininki bai gama dawowa daga waccan haihuwar ba. In kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ɗigon jini, ko jiri kamar za ki faɗi, kar ki jira ranar awo, a daren ki tafi asibiti. Ciki yana iya zama a wajen mahaifa, kuma a watanni biyu zuwa ukun farko yake fashewa.

Malama Rabi: Allah ya ba ki lafiya Ummi. Sista, ku da sati kuke magana, mu kuwa da wata muke lissafi, wasu ma daga ranar da suka ji motsi suke farawa. Yaya zan faɗa masu lokacin a hanyar da ba za su ruɗe ba?

Sista Binta: Mace ba ta manta fashin salla. Daga ranar da ta fara fashin sallarta na ƙarshe muke ƙirgawa, ba daga ranar da ta yi wanka ba, sati 40 zuwa haihuwa. Ga mai al'ada daidai, ranar da ta sa ran gani ba ta gani ba, ciki ya riga ya yi sati huɗu a lissafinmu. Ɓatan wata na biyu sati takwas. Na uku sati goma sha biyu. To ki ce masu, in wata ya ɓace maki sau biyu, a satin nan ki je. In kika jira na uku kina bakin ƙofa, ga neman izini, ga neman kuɗin mota, ga ranar awo sau ɗaya ko biyu ce a sati, kafin ki ankara kin shiga na huɗu.

Malama Rabi: Wannan na rubuta shi da manyan baƙi.

Maman Halifa: Sista ba ki dawo kan gyaran da kika ce ba. Ni dai na san ana ba da fansida a awo.

Sista Binta: Ana bayarwa, amma ba a watanni ukun farko ba. Sai an shiga sati 13 ake fara ta, ƙwaya uku a haɗiye gaban ma'aikaciya, sannan a maimaita da tazarar aƙalla wata guda har haihuwa, ana son a samu sau uku ko fiye. Kar mai cikin wata biyu ta saya ta sha. Inda kika yi daidai shi ne, wadda ta yi rajista da wuri ita ce ke samun ta farko a kan lokaci. Kafin nan gidan sauro ne kariyarta, kuma in zazzaɓi ya zo a gwada jini kafin a sha komai. Maleriyar mai ciki tana iya maƙalewa a mabiyiya ba zazzaɓi ba ciwon kai, tana shan jinin uwa tana rage wa ɗa abinci. Wadda cikinta ya ratsa damina, Agusta zuwa Oktoba, ba ta zo ba sai bayan kaka, ta sha wannan duka ba kariya.

Folik asid kuwa gaskiyar ta fi haka ɗaci. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar ɗa suna rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, wato kamar sati biyu bayan ɓatan watan farko. Ko wadda ta zo a sati goma ta makara ga wannan aikin. Mai son wannan kariyar tun kafin ciki za ta fara sha, amarya da mai shirin yaye. Ana ci gaba da ba da shi a awo don yana taimakon jini. Malama kar ki yi masu alkawarin cewa zuwa a wata uku yana hana wannan matsalar, wata rana za a kama ki da shi.

Maman Halifa: To ni a wata huɗu na fara sha duk cikina kuma yarana lafiya lau.

Sista Binta: Alhamdulillahi, mafi yawa haka suke. Ba kowa abin ke samu ba, amma ba mu da hanyar sanin wa zai samu.

Hajiya Gambo: Na ji bayananki Sista, kuma na ƙaru. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mani maganar sirri. Ba camfi kawai ba ne. Ƙaramin ciki yana zubewa, kowa ta sani. In mace ta ɓoye ya zube, ita da mijinta da Allah. In ta je awo duk unguwa ta gani, kishiya ta ji, dangin miji sun fara lissafi, sannan ya zube, da wane ido za ta kalli mutane? Ga baki. Ni na yarda da baki, Annabi ma ya ce kambun baka gaskiya ne.

Malama Rabi: Hajiya wannan shi ne abin da ya fi tsaya mani, don ni ma ban faɗa wa kowa nawa ba sai da suka fito. Abin da nake tunanin cewa, ɓoye wa unguwa daban, ɓoye wa mai magani daban. Mace ta yi azkar ɗinta, ta sa hijabinta, cikin wata biyu ba mai ganinsa. Ba sai ta sanar da kowa ba.

Maman Sadiƙ: Malama benci ne matsalar. Ranar awo daban take, ɗakin awo daban yake. Duk wadda ta gan ki a wurin ta gama sani. Maƙwabciyata har wata unguwa ta tafi can wajen Ƙofar Ƙaura inda ba a san ta ba.

Hajiya Gambo: To kin ji. Kuma mai cikin fari da za a kai goyon ciki gida a wata bakwai, uwar miji cewa za ta yi a bari in ta je gidansu su kai ta.

Sista Binta: Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi ba ni tsoro Hajiya, don cikin fari yana cikin waɗanda jijjiga ta fi kamawa, balle ƙaramar yarinya. Ku iyayen miji ku ne za ku iya karya wannan, ba mu ba. Maganar benci kuma ban ga laifin wadda ta canza unguwa ba, in dai za ta riƙe katin ta ci gaba da zuwa wuri ɗaya.

Malama bari in ba ki labarin wata, ba suna, ki ga yadda abin yake in an haɗa shi. Cikinta na huɗu. A na uku ta yi jijjiga a gida, ɗan bai zo da rai ba. Wannan karon ƙanwar mijinta ta jawo ta tana sati goma. Jini 150 bisa 95, muka sa ta huta muka sake, bai sauka ba. Da muka tambaya sai ta ciro wani maganin hawan jini daga jaka, lisinofiril, wanda take saye a kemis tun bayan waccan haihuwar, in kai ya dame ta ta sha. Wannan maganin yana lalata ƙodar ɗa in aka ci gaba da shi ciki ya girma. Ranar likita ya tsayar da shi ya mayar da ita kan metildofa. Fitsarinta ba furotin, muka rubuta. Sikanin ya ba da sati goma da kwana uku, muka rubuta ranar haihuwa. Yawan jininta kashi 27, alhali muna son 33 zuwa sama. Aka yi mata sauran gwajin ranar farko, rukunin jini, sikila, ciwon hanta, tunjere da ƙanjamau, duk lafiya. A sati 12 ta fara asfirin.

Jinin nan na kashi 27 shi ma lokaci yake so. Ƙwayar ƙarin jini ba ta aiki a sati ɗaya, a hankali take ginawa, wata da watanni, kuma ciki da kansa yana tsinka jini da ruwa, ya fi tsinkewa wajen wata bakwai. Da farko ta ce ƙwayar tana tayar mata da zuciya, ga laulayi, muka ce ta mayar da ita dare bayan tuwo, kuma ta raba ta da shayi don shayi yana hana ta shiga jiki. Ta tsorata da bayan gida ya yi baƙi, muka ce haka yake yi. A sati 28 jininta ya kai 32. Da a sati 32 ta fara zuwa, da wataƙila ya gangara ƙasa da 27 ɗin, ga haihuwa saura wata biyu, sai a fara neman masu ba da jini.

A sati 36 furotin ya fito a fitsari, jini ya fara hawa duk da magani. Da yake mun san babu shi a farko, ba mu tsaya tantama ba, muka kwantar da ita. Da ta cika sati 37, kuma mun tabbata 37 ɗin ne, aka tayar mata da naƙuda. Ta haifi mace, kilo 2.6. Ki lura, ciwon bai fasa zuwa ba. Amma ya zo a makare, ya same ta a kan gadon asibiti, da jini a jikinta.

Anti Zulai: Allahu akbar. Allah ya raya.

Maman Sadiƙ: Amin. Amma Sista duk gwaje-gwajen nan kuɗi ne. Maigida zai ce da wata shida ake farawa ana zuwa sau uku, yanzu an ce takwas. Kuma mata suna cewa maganin ƙarin jinin yana sa ɗa ya yi ƙato a kasa haihuwa.

Sista Binta: Ba ya sa ɗa ya wuce girmansa. Ciwon suga yana cikin manyan abubuwan da ke kawo ƙaton ɗa, shi ma a awo ake kama shi. Kuɗi kuwa ya danganta da wuri, wani abin kyauta ne wani ana biya, ba zan faɗi farashi ba don yana canzawa. In bai isa a yi duka rana ɗaya ba, awon hawan jini da fitsari da yawan jini su ne masu araha, a fara da su. Kuma tsakanin zuwan farko da na biyu kusan wata biyu ne ga mai lafiya, ba kullum za ta yi ta sintiri ba.

Maman Sadiƙ: Ni dai na san in ba a yi wa mazan magana ba, matan za su ji su koma gida su zauna. Malama ki roƙi liman ya taɓa maganar bayan sallar asuba ko ranar Juma'a.

Malama Rabi: Zan gaya wa shugaban makaranta ya isar mashi. Ga yadda na tsara yanzu. Zan buɗe da tambayar Hajiya kamar yadda ta yi ta, gudan jini ne mi za a auna, in bar su su amsa. Sai in kawo maganar jinin da ke sauka a tsakiyar ciki ya ɓoye ciwo, in bi da labarin matar nan har zuwa sati 37. Lissafin fashin salla da ɓatan wata biyu shi zan maimaita masu har su haddace. Fansida da folik asid ba zan taɓo su ba sai an tambaya, kar in cika masu kai. Asfirin ma ina tunanin in ce "akwai maganin da likita ke bayarwa" kawai, ban ambaci suna ba.

Sista Binta: Hakan ya fi, kar ki faɗi sunan. Kuma ki ce duk mai shan wani magani kullum, na hawan jini ko na farfaɗiya ko na suga, ta tafi da kwalinsa a jaka, kar ta daina da kanta kafin a gani. Har na gargajiya, ta faɗi abin da take sha.

Hajiya Gambo: Malama in kin zo wajen kunya kar ki ce jahilci ne, tsofaffi za su rufe kunnensu. Ki ce uwar miji ta ɗauki yarinyar da kanta ta kai ta, ta ce wa mutane asibiti za su dubiya. Ni dai maganar benci har yanzu ban gamsu ba, amma zan zo ranar Asabar, a ajiye mani wuri a gaba don kunnena ba ya ji sosai.

Malama Rabi: An ajiye Hajiya. Sista, ko za ki samu zuwa da na'urar awon jini, ko minti talatin ne bayan an tashi?

Sista Binta: Ina aikin safe ranar, ina tashi ƙarfe biyu. In ba a riƙe ni ba zan zo da ita. A samar mani ɗaki mai labule da kujera mai jingina, kuma kowa ta zauna ta huta minti biyar kafin in auna ta.

Ummi: Sista na kasa jira sai gobe, na aika an sayo na gwada yanzu. Layi biyu ne, ɗayan bai fito sosai ba.

Sista Binta: Ko bai fito sosai ba layi ne. Ki sake da fitsarin safe don ki natsu, kar ki cire yaron daga nono tukuna, ki fara folik asid yau in akwai kemis kusa. Ki yi mani magana ta gefe in gaya maki ranar da ake rajista a wajenku.